Takwas da Takwas Ta Ba da Sifili: Yadda Ɗalibi Ke Kama Kuskuren Da'irarsa Kafin Malam Ya Kama

Akwai da'irar lantarki da za a ba ta 3 da 4 ta ce 7, a ba ta 5 da 5 ta ce 10, a ba ta 7 da 8 ta ce 15, duk daidai. Sai a ba ta 8 da 8, fitilunta su mutu baki ɗaya, ta nuna sifili biyu. Ba ƙonewa ta yi ba, ba kuma wuta aka ɗauke ba. Waya ɗaya ce tal wanda ya haɗa ta ya manta, kuma rashin wannan waya ba ya bayyana sai jimlar lissafin ta kai 16.

Irin wannan da'ira ce ake yawan ba ɗaliban injiniyan lantarki da na kwamfuta su haɗa a jarrabawar gwaji, a jami'a ko a kwalejin kimiyya da fasaha. Wani lokaci a kan allon gwaji mai ramuka ake haɗa ta da wayoyi, wani lokaci kuma a kwamfuta, cikin manhaja irin Logisim. Ɗalibi zai shafe awa biyu yana zane, yana soka wayoyi, ya kunna, ya gwada lissafi uku ko huɗu da suka fara faɗo masa a rai, ya ga fitilu sun amsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na gama." Malam kuma ba 3 da 4 zai gwada ba. Ya san inda ɗalibai ke faɗuwa, can zai nufa kai tsaye.

Tambayar jarrabawar takan zo da wannan fasali: a haɗa da'irar da za ta tara lambobi biyu, A da B, kowacce daga 0 zuwa 9, tare da ɗayan da aka riƙo daga gidan baya, ta kuma fitar da amsa a tsarin da ake kira BCD. Wannan tsari ba shi da wuyar fahimta. Na'ura ba ta san komai ba sai 0 da 1, wato a kashe ko a kunne, don haka ake wakiltar kowace lamba da wayoyi huɗu masu darajar 8, 4, 2 da 1. Lamba 5 ita ce 0101, wato 4 da 1 a kunne. Lamba 9 kuwa 1001. Wayoyi huɗu za su iya ƙirga har 15, amma tsarin BCD ya tsaya a 9, domin lissafin da mutane ke karantawa a fuskar kalkuleta ko agogo yake kwaikwayo. Idan jimla ta wuce 9, dole a rubuta abin da ya rage a riƙe ɗaya, kamar yadda aka koya wa kowa a firamare.

Matsalar tana nan. Aisin da ake amfani da shi wajen tarawa, kamar 74LS283, bai san da maganar tsayawa a 9 ba. Shi sai ya cika 15 sannan ya riƙe ɗaya. Tsakanin 10 da 16 akwai tazarar 6, saboda haka dabarar da aka sani ita ce a sa aisi biyu: na farko ya tara A da B, sannan idan jimlar ta wuce 9, na biyu ya ƙara mata 6. A ɗauki 5 da 5. Aisin farko zai ba da 1010, wadda ba lamba ba ce a BCD. A ƙara 0110, sai wayoyin huɗu su koma 0000, a riƙe ɗaya. Ɗaya da sifili, goma ke nan.

Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya gina ɗan ɓangaren da zai gane cewa jimla ta wuce 9. Idan aka kira wayoyin jimlar farko S3, S2, S1 da S0, daga babba zuwa ƙarama, aka kira wayar riƙon aisin farko C4, ƙa'idar ita ce:

```
K = C4 + S3·S2 + S3·S1
```

Alamar tarawa a nan tana nufin "ko", ɗigon kuma yana nufin "da". Wato a ƙara 6 idan wayar 8 da ta 4 suna kunne tare, ko wayar 8 da ta 2 suna kunne tare, ko kuma aisin farko shi kansa ya cika ya riƙe ɗaya. Wannan sharaɗi na C4 shi ne wanda ake mantawa, kuma dalilin mantuwar a fili yake. Ɗalibi ya zana jadawalinsa da layuka goma sha shida, daga 0 zuwa 15, ya yi wa 10 zuwa 15 alama, ya taƙaita lissafinsa da kyau. Bai tsaya ya tambayi kansa ba: mece ce jimla mafi girma da za ta iya fitowa? Amsar ita ce 9 da 9 da ɗayan riƙo, 19. Lambobi huɗu, 16 zuwa 19, ba su ma shiga jadawalinsa ba.

Ga abin da ke faruwa da 8 da 8 a irin wannan da'ira. Aisin farko ya ba da 0000 a wayoyi huɗu, ya ɗaga C4. Amma C4 ba ta haɗe da komai. Ɓangaren da ke duba jimla ya leƙa, ya ga sifili huɗu, ya ce lafiya lau, ba a ƙara 6 ba, ba a riƙe ɗaya ba. Amsa: 00. Haka 9 da 9 za ta fito 02 maimakon 18.

Abin da ya sa wannan kuskure ke tsallake gwajin ɗalibi lissafi ne mai sauƙi. A tana da fuska goma, B goma, riƙo biyu, jimlar haɗuwa halattattu 200. Cikinsu guda nawa ne jimlarsu ta kai 16? Idan babu riƙo, shida ne: 7 da 9, 8 da 8, 9 da 7, 8 da 9, 9 da 8, 9 da 9. Idan da riƙo, goma. Sha shida ke nan cikin 200, kashi 8 cikin ɗari. Wanda ya zaɓi lissafi biyar da ka, ba tare da wani tsari ba, kusan sau biyu cikin uku zai ga duk sun fito daidai, ya tafi da tabbacin cewa aikinsa ba shi da aibi. A gaskiya ma damarsa ta kama kuskuren ba ta kai haka ba, domin hannun mutum ƙananan lambobi yake so, irin 2 da 3, waɗanda lissafinsu ba ya ba da wahala.

Sai wani ya ce, to a gwada duka 200 ɗin mana. A kwamfuta hakan mai yiwuwa ne, in akwai lokacin rubuta jerin. A kan allon gwaji kuwa, inda da hannu ake juya makunnai tara, ko daƙiƙa goma kowane gwaji ya ci, an haura rabin awa, kuma ba wanda ke da rarar rabin awa a ƙarshen jarrabawa. Shi ya sa masu wannan sana'a ke zuwa iyakoki. Kamar mai duba ɗinkin tela ne: ba tsakiyar yadi yake ja ba, hammata da bakin aljihu yake ja, inda ƙyalle biyu suka haɗu. A da'ira ma, kuskure ya fi zama inda halinta ke sauyawa: mafi ƙanƙantar shigarwa, mafi girma, da lambobi biyun da ke gefe da gefen kowace iyaka.

A wannan da'ira iyakokin sanannu ne. Akwai ƙasa, 0 da 0. Akwai tsakanin 9 da 10, inda ake fara ƙara 6. Akwai tsakanin 15 da 16, inda aisin farko ke cika. Akwai sama, 19. Ɗalibi mai lura zai ƙara 12, domin 10 da 11 ƙofar S3·S1 ce kaɗai ke kama su, 12 da 13 kuma ƙofar S3·S2 kaɗai, alhali 14 da 15 kowacce cikin biyun tana kamawa. Wanda ya gwada 15 kaɗai ya ga ta yi daidai bai san ko ɗaya daga cikin ƙofofin biyu a mace take ba. Jerin gwajin zai kasance kamar haka:

```
A     B     Cin   Cout  S
0000  0000  0     0     0000
0100  0101  0     0     1001
0101  0101  0     1     0000
0110  0110  0     1     0010
0111  1000  0     1     0101
1000  1000  0     1     0110
1001  0000  1     1     0000
1001  1001  1     1     1001
```

Layi takwas, kuma kowanne da abin da yake farauta.

Amma muhimmin abu a wannan jeri ba lambobin hagu ba ne, na dama ne, da kuma inda aka samo su. Dole a cike gefen amsa tun kafin a taɓa makunni, kuma daga takardar tambaya za a samo amsar, da lissafin firamare: 8 da 8 sha shida ne, ɗaya a riƙo, shida a wayoyi. Ba daga jadawalin da ɗalibi ya zana ba, ba kuma daga ƙa'idar da ya taƙaita ba. Dalili kuwa, idan kuskuren tun a jadawalin ya shiga, da'irar za ta yi biyayya ga jadawalin sau da ƙafa, gwajin ya nuna sun dace da juna, alhali su biyun sun saɓa wa abin da aka tambaya. Sannan akwai halin ɗan Adam. Wanda ya fara kallon fitilu kafin ya rubuta abin da yake tsammani, zuciyarsa za ta nemo wa fitilun hujja, musamman ga shi a gajiye, ga mai sa ido yana faɗin saura minti goma.

Daɗin gwajin iyaka shi ne ba faɗuwa kawai yake nunawa ba, yakan nuna har inda ciwon yake. Idan 8 da 8 ta ba da 00, an manta C4 a ƙa'idar. Idan kuwa ta ba da 06, labarin daban ne: an ƙara 6 ɗin yadda ya kamata, sai dai an ɗauko wayar riƙon ƙarshe daga aisi na biyu maimakon daga K. Wannan kuskure ma yana ɓuya sosai, domin daga 10 zuwa 15 aisi na biyu yana cika ya riƙe ɗaya da kansa, amsa ta yi daidai. Daga 16 ne abin ke tonuwa, tunda 0000 da 0110 ba su isa su cika komai ba. Gyaran bai wuce a cire waya ɗaya a mayar da ita wani rami ba, aikin rabin minti ga wanda ya san abin da 06 ke gaya masa.

Idan 4 da 5 ta ba da 1111 da fitilar riƙo a kunne, ɓangaren dubawa ya cika zafin nama, yana ƙara 6 tun jimla ba ta wuce 9 ba. Wataƙila an haɗa S0 inda ya kamata a haɗa S1.

Layin farko kuwa, 0 da 0, shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa, suna ganin ba abin da zai koya musu. Ga shi kuwa yana kama wani kuskure da ya zama ruwan dare a kan allon gwaji. Aisi na biyu yana da ƙafar shigar riƙo, ƙafa ta 7 a 74LS283, wadda a wannan aiki ba a buƙatarta. Sai ɗalibi ya bar ta haka nan ba a haɗe da komai ba, yana zaton abin da ba a haɗa ba sifili ne. A dangin aisi na TTL, irin masu LS a sunansu, ƙafar shiga da aka bari a sake takan ɗauki kanta a matsayin 1. Sakamakon shi ne kowace amsa ta ƙaru da ɗaya, 0 da 0 ta ba da 1. A dangin CMOS, irin masu HC, abin ya fi muni, domin ƙafar da aka saki ba ta da tsayayyen hali, ko kusantar da yatsa aka yi tana iya sauyawa, fitila ta riƙa ƙyaftawa. Maganin duka biyun shi ne a haɗa ƙafar da layin sifili na allon. A Logisim launin waya ne ke tona wannan: kore mai haske 1 ne, kore mai duhu 0, shuɗi yana nufin babu abin da ke tura wayar, ja kuma yana nufin kuskure, galibi abubuwa biyu ne ke jayayya a kan waya ɗaya. Bai kamata a miƙa da'irar da ke da shuɗiyar waya ko ja a hanyar amsa ba.

Akwai wani tarko da layuka takwas ɗin nan ba su isa su bayyana shi sarai ba, wato juyewar tsarin wayoyi. Ɗalibi na iya soka wayar 8 a ramin 1, ta 4 a ramin 2, duk a juye. Idan ya gwada da 9 ko 6 ba zai ga komai ba, domin 1001 da 0110 ko ta wane gefe aka karanta su abu ɗaya ne. Hanyar kama shi ita ce a bar B a sifili, a kunna makunnan A ɗaya bayan ɗaya, 1, 2, 4, 8, ana kallon ko fitilar da ta dace ce ke kamawa, sannan a yi wa B haka. Gwaji takwas ne ƙari, kuma ya fi kyau a fara da su, tunda idan wayoyin shiga a juye suke, duk abin da sauran gwajin zai nuna ruɗani ne kawai. Gaba ɗaya gwaji sha shida, ba za su ci fiye da minti biyar ba.

Bayan lambobi sai kalmomin takardar kanta, kuma a nan ne ɗalibai masu ƙoƙari ke asarar maki a banza. Mutum ya karanta tambaya sau ɗaya a farkon jarrabawa, cikin fargaba, ya gina abin da ya tuna, wanda ba lallai ne ya zama abin da aka rubuta ba. Kafin miƙawa ya kamata ya koma ya bi ta jimla bayan jimla da biro a hannu. Me aka ce game da lambobin da ba su halatta ba, 10 zuwa 15, idan wani ya shigar da su a A ko B? Wata takardar takan ce ba za su taɓa zuwa ba, a yi yadda aka ga dama da su. Wata kuma takan ce a kunna fitilar gargaɗi. Idan ta biyun ce, an sami sabuwar iyaka, dole a gwada A tana 9 fitilar gargaɗi a kashe, A tana 10 a kunne, haka ma B. An ce fitarwa ta zama 1 idan sharaɗi ya cika, ko ta zama 0? Idan an nemi a nuna amsa a fuskar lamba mai sanduna bakwai, aisin 7447 da sifili yake kunna sanda, don haka sai da irin fuskar da ta dace da shi. An ƙayyade irin ƙofofin da za a yi amfani da su, misali NAND zalla? An faɗi sunayen da za a sa wa wayoyin shiga da fita? Inda manhaja ce ke duba aikin ɗalibai, wanda ya rubuta Cout inda aka ce Co na iya samun sifili da da'ira mai aiki lafiya.

Idan kuma takardar ce ba ta fayyace ba, babu laifi a ɗaga hannu: "Malam, idan aka sa 12 a A, me ake so ta nuna?" In an hana tambaya, sai ɗalibi ya rubuta a takardar amsarsa yadda ya fahimci wurin da abin da ya gina a kai. Mai dubawa ya fi tausaya wa wanda ya ga giɓin ya faɗa, a kan wanda bai ma lura da shi ba.

Kada a ɗauka wannan matsalar 'yan makaranta ce kawai. A 1994 wani malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg da ke jihar Virginia ta Amurka, Thomas Nicely, ya lura cewa kwamfutarsa mai ƙwaƙwalwar Pentium ta kamfanin Intel tana ba da amsar da ba daidai ba a wasu lissafan rabawa. Ya bayyana abin a ƙarshen Oktoba na shekarar. Misalin da ya shahara daga baya shi ne raba 4195835 da 3145727: amsar gaskiya ta fara da 1.33382, Pentium kuwa tana ba da 1.33373. Asalin matsalar wani jadawali ne a cikin ƙwaƙwalwar wanda da'irar rabawa ke dubawa, inda gurabe biyar da ya kamata su ɗauki 2 suka ɗauki 0, kuma a bakin iyakar jadawalin suke, inda lissafi ba ya yawan kaiwa. Kamfanin ya ƙiyasta cewa cikin rabawa biliyan tara da aka zaɓa da ka, ɗaya ce za ta faɗa ramin. Duk da haka, a Disamba ya amince zai sauya wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475. Gwajin da ka, komai yawansa, yana iya wuce irin wannan rami bai taka shi ba.

Sai dai shi ma gwajin iyaka yana da inda ya tsaya. Ba ya tabbatar da cewa da'ira ba ta da kuskure ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne kai ɗan lokacin da ya rage inda kuskure ya fi zama. Kuma juya makunni da hannu ba ya nuna matsalar sauri. Kowace ƙofa tana ɗaukar ɗan lokaci, 'yan kason daƙiƙa cikin biliyan, kafin ta amsa, kuma a wannan da'ira saƙo sai ya ratsa aisin farko, ya bi ta ƙofofin dubawa, sannan ya ratsa na biyu. A wannan ɗan tsakani amsa na iya yin gilmawar ƙarya da ido ba zai gani ba. Ga jarrabawar da fitilu kawai za a kalla, wannan ba damuwa ba ce. Idan kuwa an haɗa da'irar da agogon bugawa da ma'ajiyar lamba, to sai an duba ta da na'urar nuna igiyar lantarki ko jadawalin lokaci na manhaja. Da'irori masu tuna baya, irin masu ƙirga, su kuma iyakokinsu daban ne: halin da suke farkawa a ciki idan aka kunna wuta, abin da suke yi idan aka danna maɓallin komawa sifili a tsakiyar ƙirga, da juyawarsu daga lamba ta ƙarshe zuwa ta farko.

Saura abu ɗaya da gaggawa ke sa a tsallake. Ɗalibi ya ga 8 da 8 ta ba da 00, ya gane C4 ce, ya kawo waya ya haɗa ta da ƙofar OR, ya sake gwada 8 da 8, ta ba da 16, ya miƙe. To amma aisin 74LS32 ƙofofinsa masu shiga biyu-biyu ne, don haka ƙara sharaɗi na uku na nufin sai ya sa ƙofa ta biyu, ya kuma tayar da wayar K daga inda take ya mayar da ita sabon wuri. Hannun da ya shiga cikin wayoyi ashirin yana iya sassauta wata da ba ruwanta, ko ya bar tsohuwar ƙofar a rataye. Saboda haka bayan kowane gyara, jerin ake komawa tun daga layin farko, 0 da 0, a bi shi har 9 da 9 da riƙo, ana yi wa kowane layi alama da biro. Wanda ke aiki a kwamfuta kuma ya adana fayil ɗin, ya rufe shi, ya buɗe ainihin wanda zai tura, ya sake gudanar da layukan a kansa, domin gyaran da aka yi a fuskar kwamfuta ba a adana ba, ba ya cikin abin da malam zai buɗe.